Ragin Kwana Uku: Yadda Mai Shagon Kayan Waya Zai Sauke Farashi Bai Zubar da Girman Shagonsa Ba

Duk wanda ya ratsa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko layin Beirut, ya san yadda shagunan kayan waya suka yi kafaɗa da kafaɗa. Caja iri ɗaya, iyafis iri ɗaya, fawa banki iri ɗaya, sau da yawa ma daga hannun dila ɗaya suka fito. A irin wannan wuri, abin da ke raba shago da maƙwabcinsa ba kayan da ke rataye ba ne kawai. Amana ce: mai saye ya yarda cewa cajar da aka ba shi ba za ta ƙona masa waya ba, kuma idan ta lalace cikin kwana biyu za a karɓa a canza masa.

Wannan amanar ita ce abin da sanarwar ragi ke iya ɓatawa cikin yini ɗaya. Dalili kuwa, kayan waya sana'a ce da jabu ya yi wa yawa. Mutumin da ya ga an rubuta an zabge farashin shadda, zai ɗauka shekara ce ta juya. Wanda ya ga an zabge rabin kuɗin caja, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ba orijina ba ce. Idan kuma ya kawar da wannan zargin, na biyu yana jiransa: mai shagon ya shiga matsi, yana neman karyar da kaya, to garantin da ya yi alkawari wa zai cika shi wata mai zuwa? Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma mai saye yana zuwa da wannan tunanin a aljihu. Idan mai shago bai faɗi abin da ya kawo ragin ba, mai saye zai ƙirƙiro dalili da kansa, kuma da wuya dalilin ya zama mai daɗi.

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin a rubuta kalma ɗaya, da tambayar wane kaya za a rage wa kuɗi.

A ɗauki misalin wani matsakaicin shago. Alkaluman na misali ne, domin farashi a wannan kasuwa yana bin dala, amma lissafin ba ya canzawa. Mai shagon yana saro fawa banki a kan naira 12,000, yana sayarwa 16,000. Ribarsa 4,000 ce a kowanne, kuma yana sayar da 30 a mako, wato ribar 120,000. Idan ya yi ragin kashi 10 cikin ɗari, ya sauke 1,600, ribar ta koma 2,400. Domin ya sami waccan 120,000 ɗin, dole ya sayar da 50 a makon. Idan zuciya ta ɗebe shi ya ce kashi 20, ya sauke 3,200, saura 800, kuma sai ya sayar da 150 kafin ya koma inda yake, ninki biyar na cinikinsa. Ragin da a idon mai saye bai taka kara ya karya ba, a littafin shago ya cinye kashi huɗu cikin biyar na riba. Ga shi kuma fawa banki, a garin da wuta ke zuwa ta ɗauke, ba kayan da ke buƙatar roƙo ba ne. Yawancin waɗanda za su saya a lokacin ragin da ma za su saya ko babu shi.

Yanzu a duba ƙasan kanta a wannan shagon. Akwai rigunan waya guda 200 na Tecno da Infinix samfurin bara da bara waccan. An saro kowace 1,200, ana sayarwa 2,500, amma da ƙyar biyar ke fita a mako. Naira 240,000 ke nan kwance, kuma da wannan tafiyar sai an yi mako 40 kafin su ƙare. Ba za ma su ƙare ba, domin rigar waya tana mutuwa tare da wayarta. Waɗannan kamfanoni suna fitar da sabon samfuri a kai a kai, gurbin kyamara ya canza, rigar jiya ta ƙi shiga wayar yau. Haka ya faru da igiyar cajar iPhone: a watan Satumba na 2023 kamfanin Apple ya fito da iPhone 15 da bakin USB-C maimakon Lightning, daga nan duk mai tarin tsohuwar igiya ya san kasuwarta za ta riƙa raguwa ne, ba ƙaruwa ba.

Idan aka sauke rigar zuwa 1,800, ragi ne na naira 700, kusan kashi 28 cikin ɗari, abin da ido zai gani. Amma har yanzu akwai ribar 600 a kowace, kuma da zarar an sayar da 140 an karɓi 252,000, uwar kuɗi ta dawo har da ɗoriya. Mafi muhimmanci, wannan ragi yana da dalili na gaskiya da za a iya faɗa da babbar murya ba tare da kunya ba: sababbin samfura sun iso, ana buɗe musu wuri. Babu wanda zai ji wannan ya ce shagon ya durƙushe. Abin da zai ji shi ne kaya suna shigowa.

To ga kaya, ga dalili. Saura rubutun.

Yawancin sanarwar da ake gani a jikin kwali ko a WhatsApp tana da kama ɗaya. Manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe, alamar motsin rai uku ko huɗu a jere, hoton wuta da na ƙararrawa, sannan kalmomi irin su garaɓasa, araha kamar kyauta, komai ya karye, ku taimaka ku yaɗa don Allah. Kowace daga cikin waɗannan tana yi wa shagon illa ta daban. "Komai ya karye" yana gaya wa mai saye cewa farashin jiya duk ƙari ne. "Kamar kyauta" yana tada zargin jabu. "Ku taimaka" kuwa yana juya zancen gaba ɗaya, ya mayar da mai saye mai yin alfarma, mai shago kuma mai neman agaji. Mutum yana iya ba mabuƙaci sadaka, amma ba ya son sayen batiri a hannunsa.

Ga yadda shagon misalin zai iya rubuta tasa:

"Sababbin rigunan waya sun iso, muna buɗe musu wuri. Rigunan Tecno da Infinix samfurin bara, da muke sayarwa 2,500, sun koma 1,800 daga Alhamis zuwa Asabar ƙarfe 8 na dare. Guda 200 ne. Idan ba ta shiga wayarka ba, ka dawo da ita mu canza, kamar kullum. Turo sunan wayarka mu duba maka."

Babu ihu a ciki, amma duk abin da mai saye ke son sani yana nan. An fara da dalili, kuma dalilin labari ne mai daɗi. An ambaci kaya takamaimai, don haka sauran kayan shagon suna nan da darajarsu. An faɗi tsohon farashi da sabo a naira, domin mai saye a tsaye a kasuwa ba zai tsaya lissafin kashi cikin ɗari ba, amma ya san mene ne ragin 700. An faɗi ranar ƙarewa har da ƙarfe, an faɗi adadi. Sai jimlar canji, wadda a ganin mai wannan rubutu ta fi duk sauran aiki. Ita ce ke kashe zargin jabu ba tare da an ambaci jabu ba, domin mai sayar da kayan banza ba ya gayyatar a dawo masa da su. Kalmomin "kamar kullum" kuma suna nuna cewa farashi ne kaɗai ya sauka, ƙa'idar shago tana nan.

Abin da bai kamata a ƙara ba shi ne rantsuwa. Wallahi orijina ne, wallahi faɗuwa muke yi. Malamai sun daɗe suna jan kunnen 'yan kasuwa a kan yawan rantsuwa wajen ciniki, kuma ko ta fuskar kasuwa kaɗai, mai saye ya saba jin ta daga bakin wanda bai yarda da shi ba.

Akwai wata matsala da littattafan kasuwanci na ƙasashen waje ba su cika kulawa da ita ba, domin can farashi a rubuce yake a jikin kaya. A Kano ciniki ake yi. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja har a sallama. To ragin da aka sanar, daga wane farashi aka yi shi? Idan yaron shago yakan fara da 3,500 a sallama a 2,500, sai aka rubuta "daga 3,500 zuwa 2,400", tsofaffin abokan ciniki za su yi dariya, domin sun san ragin naira ɗari ne aka yi wa ado. Dole tsohon farashin da aka rubuta ya zama wanda ake sallamawa da gaske. Wannan ba maganar ɗabi'a ba ce kaɗai. Dokar gasa da kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a Nijeriya, ta hana yaudarar mai saye a kan kaya ko farashinsu. Amma a gaskiya, kafin hukuma ta ji labari, maƙwabcin shago ya riga ya gaya wa mai saye nawa ake sayarwa a makon jiya.

Ɗaya ɓangaren matsalar shi ne mai saye zai ɗauki sabon farashin a matsayin wurin fara tayi. Zai ga 1,800 ya ce, "Alhaji, a bar min 1,500 mana." Idan aka sallama wa mutum ɗaya, labari ya bazu, kuma sanarwar ta zama ƙarya. Wannan ya sa dole a zauna da yaran shago tun daren Laraba a ba su amsa ɗaya: "Yallaɓai, wannan shi ne farashin ragin, maigida ya riga ya sauke. Ranar Litinin 2,500 zai koma." A faɗa da fara'a, a kuma tsaya a kai. Wanda ya ɗauki uku ko huɗu ana iya yi masa gyara da wani ƙaramin abu, amma lambar da aka rubuta kada ta motsa.

Gyara ma hanya ce mai zaman kanta, kuma sau da yawa ta fi ragi. Al'ada ce da kowa ya sani tun daga mai tumatir, ba ta kuma taɓa rage wa mai kaya daraja, sai ma ta nuna shi mai yalwar hannu. A koma kan fawa bankin nan. Maimakon sauke 1,600, mai shago ya ce duk wanda ya sayi fawa banki daga Alhamis zuwa Asabar za a manna masa gilashin fuskar waya kyauta. Gilashin an saro shi 400, ana sayarwa 1,500 har da mannawa. Mai saye ya ga kyautar 1,500, shago ya kashe 400, ribar fawa banki ta tsaya a 3,600 maimakon 2,400. Kuma farashin 16,000 bai taɓu ba, don haka ranar Litinin babu wanda zai ce ai shekaranjiya 14,400 kuka sayar. Ga kayan manyan kamfanoni irin Oraimo, waɗanda mai saye ke iya duba farashinsu a waya kafin ya shigo, wannan ya fi dacewa ƙwarai. Wanda ya sayar da su ƙasa sosai da kowa ya jawo wa kansa tambayar da ba ya so. Sharaɗi ɗaya ne: kyautar ta zama mai kyau. Gilashin da zai tsage cikin mako zai tafi da sunan fawa bankin da na shagon.

Wa'adi kuwa, kwana uku zuwa biyar ya wadatar. Yini ɗaya ya yi kaɗan, domin wanda ya gani da dare a Hotoro ko Kabuga yana buƙatar lokacin shigowa. Wata guda kuma ba ragi ba ne, sabon farashi ne. A lura da lokaci ma. Mutane da yawa suna sa ragi a jajibirin Sallah saboda kasuwa ta cika, alhali a wannan makon kaya suna fita da kansu, kuma duk ragin da aka yi kyauta ce ga wanda da ma ya zo da kuɗinsa. Inda ragi ke aiki shi ne makonnin bayan Sallah da kasuwa ke sanyi, ko ƙarshen wata idan albashi ya shigo.

Sai maimaitawa, inda mafi yawan masu shago ke tona wa kansu asiri. Abin da aka ɗora a status na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, don haka sake ɗorawa kowace safiya ba laifi ba ne. Laifin shi ne ɗora hoto ɗaya sau goma a yini, ko bin mutane ɗaya bayan ɗaya da saƙo safe da yamma. Saƙo uku sun isa. Na farko ranar Laraba da yamma, ga tsofaffin abokan ciniki kaɗai, a gaya musu gobe za a fara, su riga kowa zaɓa. Wannan girmamawa ce, kuma suna jin ta. Jerin aika saƙo na WhatsApp yana ɗaukar mutum 256, amma yana isa ne kawai ga wanda ya adana lambar shagon, wato daidai mutanen da ya kamata su fara ji. Na biyu ranar Alhamis, ga kowa. Na uku ranar Asabar da safe, gajere: yau ne ƙarshe, ƙarfe 8, ga samfuran da suka rage. Idan saura 70, a ce 70. Wanda aka gaya wa saura biyar ya zo ya tarar da kwali cike ba zai ƙara yarda da wata lamba daga wannan shagon ba. Hoto kuma a ɗauki kayan da ke shagon da gaske, a kan tebur mai tsabta da haske, a bar wanda aka kwaso daga intanet.

Mafi wuya shi ne daren Asabar. An sayar da 140, saura 60, ciniki ya yi daɗi, sai zuciya ta ce a ƙara mako ɗaya "saboda yawan buƙata". Wannan jimlar kowa ya san fassararta. Wanda ya bar aikinsa ya hau adaidaita sahu ranar Asabar don kada ta wuce shi zai ji an yi wasa da hankalinsa, sauran kuma sun koyi cewa wa'adin wannan shagon roba ne. Idan ragi ya zama na kowane wata, abin ya fi haka muni: mutane su daina saye a farashin kullum, su zauna jira.

Wani babban kamfanin shaguna a Amurka, J.C. Penney, ya nuna inda wannan hanyar ke kaiwa. Ya saba wa masu sayensa da ragi har ta kai yana yin kusan 600 a shekara ɗaya. A 2012 sabon shugabansa, Ron Johnson, wanda ya zo daga shagunan Apple, ya soke yawancin ragin ya sa farashi mai sauƙi na dindindin. Masu saye suka ƙaurace, ciniki ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar, kuma a watan Afrilu na 2013 aka sallame shi. Mutanen sun riga sun saba da cewa ba a saye sai an ga ragi, kuma cire musu wannan sabon ya gagara. Shagon Farm Centre ba shi da jarin da zai ɗauki irin wannan faɗuwar, don haka sau biyu ko uku a shekara, kowanne da dalilinsa, ya ishe shi.

Ranar Litinin wani zai shigo ya ce, "Maigida, na ga sanarwarku, ban samu zuwa ba." Amsar ita ce ragin ya ƙare Asabar, riga 2,500 ce, amma a karɓi lambarsa a sa shi cikin waɗanda za su fara ji nan gaba. Idan tsohon abokin ciniki ne da ba a son ya fita hannu rabbana, a yi masa gyara, kada a dawo da 1,800. Guda 60 da suka rage kuma ba sai an sake yi musu shela ba. Ana iya ba masu tebur da masu yawo da kaya a farashin sari, ko a ajiye su su zama gyara ga mai sayen caja.

Daga nan sai a buɗe littafi. Yawan mutanen da suka cika shago ba shi ne ma'auni ba. A duba ribar kwana ukun a naira, a gwada da ta Alhamis zuwa Asabar na makon da ya gabata. A duba nawa ne cikin masu sayen riga suka haɗa da wani abu a cikakken farashi, caja ko iyafis, domin a nan ainihin ribar ragin take. Sannan a sa ido mako biyu masu zuwa. Idan cinikin sababbin riguna ya tafi yadda aka saba a farashinsu, ragin ya yi aikinsa. Idan kuwa masu shigowa suka fara tambayar yaushe za a sake, ko suna taya caja da fawa banki ƙasa da yadda suka saba, to sanarwar ta yi faɗi ko ta yi ƙara, kuma ta gaba sai a taƙaita ta ga kaya ɗaya, a kuma jinkirta ta wata uku ko huɗu.